Ƙiyasta nauyin yaro a lokacin gaggawa idan babu sikeli

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a ƙauyen da ke gabas da Daura. Sikelinmu ya lalace tun farkon damina, kuma yawancin yaran da ake kawo mana da dare masu jijjiga ne ko waɗanda zawo ya galabaitar. A makaranta an koya mana a ƙara huɗu a kan shekarun yaro a ninka biyu, amma na ga sau da yawa lissafin yana ba ni kilo 14 alhali yaron da ke hannuna bai yi kama da mai kilo 10 ba. Shin in ci gaba da wannan lissafi, ko in nemi tef ɗin da ake auna tsawo da shi?

Amsa: Barka kadai, Malama, Allah ya taimaka. Abin da idonki ya gani gaskiya ne, kuma ina roƙonki kada ki bar lissafin takarda ya rinjayi abin da hannunki ya ji lokacin da kika ɗauki yaron. Shawarata a taƙaice ita ce ki mayar da lissafin shekaru abin da za ki koma gare shi kawai idan komai ya ƙare miki, ki fara da tsawon yaro, sannan ki gyara abin da tsawon ya ba ki da kaurin damtsensa. Zan bayyana dalili, in kuma bi da ke ta kan wani yaro da na duba a Katsina, domin ki ga yadda lambobin suke sauyawa a cikin sirinji.

Lissafin da aka koya muku shi ne wannan:

nauyi = (shekaru + 4) × 2

Ya shahara ne ta hanyar kwas ɗin ceton ran yara na Birtaniya da ake kira APLS, kuma an tsara shi don yara daga shekara ɗaya zuwa goma. Da likitocin can suka lura cewa yaransu sun ƙara ƙiba, har lissafin ya koma yana ba su ƙasa da nauyin gaskiya, sai a bugun 2011 aka raba shi uku. Jariri daga wata ɗaya zuwa goma sha biyu ana raba watanninsa biyu a ƙara huɗu, yaro daga shekara ɗaya zuwa biyar ana ninka shekarunsa biyu a ƙara takwas, wanda daidai yake da tsohon lissafin, sai kuma ɗan shekara shida zuwa goma sha biyu da ake ninka shekarunsa uku a ƙara bakwai. Ki lura da inda gyaran ya nufa: sama aka yi da shi, saboda matsalarsu ƙiba ce. Mu kuwa tamu matsalar akasin haka take. Ɗan shekara takwas, sabon lissafin zai ba shi kilo 31, tsohon kuma 24, alhali matsakaicin yaro namiji mai wannan shekaru a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya bai wuce kilo 25 da ɗan kai ba, kuma ke kin san ɗan shekara takwas a ƙauyukanmu ba kasafai yake kai wannan ba. Saboda haka idan wani ya zo miki da sabon lissafin yana cewa shi ne na zamani, ki gode masa, amma kada ki ɗora shi a kan yaranmu.

Lissafin shekaru yana tsaye ne a kan abubuwa biyu, kuma a nan wurinmu dukansu ba su da ƙwari. Na farko shi ne a san shekarun. Uwa za ta ce miki yaro yana da shekara uku, amma idan kika bi a hankali sai ki tarar abin da take nufi shi ne ya shiga ta uku, wato ya cika biyu da 'yan watanni. Wata kuma da Sallah take ƙirgawa, ta ce wannan ce babbar Sallarsa ta uku, alhali an haife shi ne ana saura mako biyu Sallar farko, wato bai fi shekara biyu da kwanaki ba. Idan kaka ce ko kishiyar uwa ta kawo shi, ƙiyasin yakan ƙara nisa, idan kuma almajiri ne da 'yan uwansa suka ɗauko shi daga makaranta, to babu ma wanda zai faɗa miki. A wannan lissafi, kuskuren shekara ɗaya kilo biyu ne, kuma kilo biyu a jikin yaro mai kilo goma kashi ɗaya ne cikin biyar na duk maganin da za ki ba shi. Abu na biyu shi ne a ɗauka cewa yaron ya girma yadda shekarunsa suka ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yaran jihar Katsina 'yan ƙasa da shekara biyar tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Yaron da ya tsumbure ya fi sa'o'insa gajarta, don haka ya fi su rashin nauyi tun kafin ciwo ya kama shi, sannan waɗanda ake kawo miki da tsakar dare su ne mafi rauni a cikin waɗannan ɗin. Ko da kin san ranar haihuwarsa da sa'ar da aka haife shi, lissafin zai ba ki nauyin wani yaro ne dabam wanda ya ci ya ƙoshi.

Tsawo ya fi shekaru amfani saboda abu ne da kike aunawa da hannunki, ba labari ne ake ba ki ba, kuma yana kama tsumburewar da lissafin shekaru ba ya gani. A kan wannan tunani ne wani likitan Amurka, James Broselow, tare da abokin aikinsa Robert Luten, suka samar da tef ɗin da ke ɗauke da sunan Broselow a shekarun 1980. Tef ne da ake shimfiɗawa a gefen yaro yana kwance, ana ɗora jan bakinsa daidai tsakar kai, a miƙe ƙafa, a karanta daidai dunduniya, ba a kan yatsun ƙafa ba. Yana aiki daga kusan santimita 46 zuwa 143, wato daga kilo 3 zuwa 36, kuma an raba shi launi-launi: toka-toka kilo 3 zuwa 5, ruwan hoda 6 zuwa 7, ja 8 zuwa 9, shunayya 10 zuwa 11, rawaya 12 zuwa 14, fari 15 zuwa 18, shuɗi 19 zuwa 23, ruwan lemo 24 zuwa 29, kore 30 zuwa 36. A kowane launi an rubuta yawan magani da girman kayan aiki, domin a rage wa ma'aikaci lissafi a lokacin da hankali yake tashe.

Sai dai shi ma tef ɗin yana da makanta guda: tsawo kaɗai yake gani. Yara biyu masu santimita 85, ɗaya kumatu cike, ɗaya kuma haƙarƙarinsa a waje, duk launi ɗaya zai ba su. Lambobin da ke kansa daga yaran Amurka aka ɗauko su, kuma sababbin bugunsa an ƙara matsawa da su sama don su dace da ƙibar yaran can, ta yadda sabon tef zai iya fin tsohon ɓata ki a kan yaro ramamme. Akwai kuma wani tarko da ba a cika faɗa ba, wato yawan ruwan maganin da aka rubuta a kansa ya dogara ne da ƙarfin haɗin da ake sayarwa a can, wanda ba lalle ya zo daidai da kwalbar da ke cikin akwatinki ba. Idan kin samu tef ɗin, ki karɓi nauyin daga gare shi, amma mililita nawa za ki zuƙa ki lissafa shi daga abin da ke rubuce a jikin kwalbarki.

Wannan makanta ce ta sa aka fito da hanyoyin da ke haɗa tsawo da cikar jiki. A Afirka ta Kudu, likita Mike Wells ya tsara tef ɗin PAWPER, wanda bayan an auna tsawo ake duba yaro a ba jikinsa maki daga ɗaya, wato ramamme ƙwarai, zuwa biyar, wato mai ƙiba ƙwarai, kowane maki da nasa nauyin, kuma wani bugunsa na baya ya maye gurbin duban ido da awon damtse. A birnin Kansas City na Amurka kuma an samar da hanyar Mercy, wadda ke amfani da tsawon ƙashin damtse da kaurinsa. Bincike a ƙasashe dabam-dabam ya nuna cewa waɗannan hanyoyi biyu sun fi tef ɗin Broselow kusantar gaskiya, shi kuma ya fi lissafin shekaru. Ban ambace su don ki tafi neman su a kasuwar Daura ba, domin da wuya ki same su. Na ambace su ne saboda abin da suka ginu a kansa kina da shi a aljihun teburinki: tef ɗin tela, muwak ɗin da kike auna damtsen yara masu tamowa da shi, da jadawalin nauyi bisa tsawo na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ake amfani da shi a shirin tamowa.

Ga yadda nake yi. Jadawalin yana ba da matsakaicin nauyi ga kowane tsawo daga santimita 45 zuwa 120. A yara maza, santimita 60 kilo 6 ne, 70 kilo 8.4, 80 kilo 10.4, 85 kilo 11.5, 90 kusan 13, 100 kilo 15 da ɗan kai, 110 kuma 18 da ɗan kai, 'yan mata kuwa suna ƙasa da haka da kaɗan a ƙananan tsawo, bambancin da ba zai sauya miki komai ba a lokacin gaggawa. A wannan jadawali kuma akwai layin tamowa mai tsanani, kuma idan kika kwatanta shi da matsakaicin za ki ga ya gaza shi da kusan kashi ɗaya cikin biyar: a santimita 80, matsakaici 10.4 ne, layin tsananin kuma 8.2, a 85 kuwa 11.5 ne da 9.1. Saboda haka idan na auna tsawo na sami matsakaicin nauyi, sai in naɗa muwak a tsakiyar damtsen hagu, tsakanin kan kafaɗa da gwiwar hannu. Idan ya nuna kore, wato santimita 12.5 zuwa sama, in bar nauyin yadda yake. Idan rawaya ne, tsakanin 11.5 da 12.5, in cire kashi ɗaya cikin goma ko ɗan fiye da haka. Idan ja ne, ƙasa da 11.5, in cire ɗaya cikin biyar. Wannan ragi dabara ce ta aiki da na ciro daga jadawalin, ba doka ce rubutacciya ba, kuma damtse da nauyi ba kullum suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba, amma yana kusantar da ke ga gaskiya fiye da barin lambar tsawo ita kaɗai. Ki tuna kuma launukan muwak na yara ne daga wata 6 zuwa 59.

Bari in kawo yaron da na ambata. Watan Agusta ne, bayan isha'i, ana ruwa, aka shigo da shi a kafaɗar mahaifinsa yana jijjiga, idanu sun kafe sama, jiki kamar garwashi. Mahaifiyar ta ce kwana uku yana zazzaɓi, kuma shekararsa uku. Sikelin ɗakin yana can wani ɗaki a kulle, mai makullin kuma ya tashi aiki. Ma'aikacin jinyar da muke tare ya riga ya yi lissafi a ka, uku da huɗu bakwai, sau biyu goma sha huɗu, ya fara zuƙar diyazifam. Da na sa hannu ƙarƙashin yaron don in juya shi gefe, sai na ji kamar na ɗauki jaririn da ba a yaye ba, fatar cinyarsa kuma tana lilo kamar wandon da ya yi wa mai shi yawa. Muka kwantar da shi gefe, muka share bakinsa, aka sa masa iskar numfashi, sannan a cikin ɗan lafawar jijjigar na ja tef daga tsakar kai zuwa dunduniya yayin da mahaifin ya danne gwiwoyin a hankali. Santimita 85. Matsakaicin yaro namiji mai shekara uku yana kai 96, don haka tun daga nan lissafin shekaru ya faɗi. A tef ɗin Broselow wannan tsawo yana dab da iyakar shunayya da rawaya, wato kilo 11 ko 12, jadawalin kuma ya ba da 11.5. Muwak ya tsaya a 11.2, ja. Na danna bayan ƙafafunsa biyu na daƙiƙa uku, babu rami, wato babu kumburi. Na cire ɗaya cikin biyar daga 11.5, saura 9.2, na rubuta kilo 9 da manyan baƙaƙe a saman takardarsa, na kuma faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Duk wannan bai kai minti ɗaya ba.

Diyazifam ta dubura ana ba da miligiram 0.5 ga kowane kilo, kuma tunda kwalbar da muka saba da ita miligiram 10 ce a mililita 2, lissafin ya koma mililita 0.1 ga kowane kilo. A kilo 14 mililita 1.4 ke nan, miligiram 7. A kilo 9 kuwa mililita 0.9 ne, miligiram 4.5. A cikin sirinji bambancin rabin mililita ne kacal, abin da ido zai iya rainawa, amma a jikin yaron ƙarin rabin magani ne a kan abin da ya dace da shi. Kuma jijjigarsa ba ta tsaya da na farko ba, sai da muka maimaita bayan minti goma, wanda shi ne iyaka, ba a yin na uku. Da a kan kilo 14 muka tafi, da ya sha miligiram 14 maimakon 9, a jikin da ba shi da tsoka kuma ciwo ya riga ya dusashe masa hankali. Illar wannan magani a numfashi take: sai ki ga ƙirji ya rage motsi, numfashin ya yi sama-sama yana nisa da juna, leɓe ya fara duhu. Duk wanda zai ba da shi lalle ne jakar hura numfashi da marufin fuska su kasance kusa da hannunsa, kuma ya ƙirga numfashin yaron bayan kowane bayarwa.

Sukarin jininsa ya yi ƙasa, kamar yadda ake yawan gani a maleriya mai tsanani da tamowa. Ruwan gulukos mai kashi 10 cikin ɗari ana ba da mililita 5 ga kowane kilo, wato 45 a wurinsa. Mai kashi 50 muke da shi, don haka muka zuƙi mililita 9 muka haɗa da 36 na ruwan allura, kashi ɗaya da kashi huɗu. Gwajin maleriya ya nuna akwai, sai muka koma kan atesunet, kuma a nan tunanin ya juya. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 ga kowane kilo, wanda ya kai 20 kuma 2.4. A kilo 9 miligiram 27 ne. Kwalbar miligiram 60, idan aka narkar da ita da mililita 1 na ruwan da ke zuwa tare da ita, aka ƙara 5 na ruwan gishiri don jijiya, tana ba da miligiram 10 a kowace mililita, don haka 2.7 ne, muka cika shi 3. Na cika sama ne da gangan, domin atesunet magani ne mai faɗin iyaka wanda ɗan ƙari ba ya cutarwa, gazawarsa kuwa ita ce take barin ƙwayar cutar da rai.

Wannan shi ne abin da nake so ya zauna miki fiye da kowace lamba. Tunda ƙiyasi ba zai taɓa zama daidai cif ba, dole ki san ɓangaren da kowane magani yake yafe kuskure. Masu danne numfashi, irin su diyazifam da fenobabiton, da masu taɓa ƙoda irin su jentamaisin, idan kina shakka ki karkata ƙasa. Atesunet da gulukos, ki karkata sama kaɗan. Wannan karkata a wurin cika lambar sirinji take, ba a wurin nauyin ba, domin nauyin ɗaya ne, wanda aka rubuta a saman takarda, kuma kowa da shi zai yi aiki har a sami sikeli. Na sha ganin takardar da likita ya yi lissafi da kilo 12, mai jinyar dare ta yi da 14, mai ba da magani kuma ya yi da nasa, yaro ɗaya da nauyi uku a dare ɗaya.

Inda kuskuren ya fi kisa shi ne ƙarin ruwa, kuma tunda kin ambaci masu zawo, zan ɗan tsaya a nan. Wannan yaron bai buƙaci ruwan gaggawa ba, amma a ce ya zo da sanyin hannu da ƙafa, bugun jijiya da sauri da rauni, farce idan an danna ya fi daƙiƙa uku kafin jini ya dawo, ga shi kuma a galabaice. Wanda ya ɗauke shi ɗan shekara uku mai kilo 14 zai iya lissafa mililita 20 ga kowane kilo, ya sakar masa 280 da sauri. Amma yaro mai tamowa mai tsanani, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mililita 15 ga kowane kilo a cikin sa'a guda, kuma sai idan alamun da na lissafa sun haɗu da galabaita ko fita hayyaci, in ba haka ba ta baki ko ta bututun hanci ake ba shi. A kilo 9, mililita 135 ke nan. Kuskure biyu ne suka hau kan juna, na nauyi da na rashin gane tamowa, suka ninka ruwan fiye da biyu, kuma zuciyar mai tamowa ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan. Shi ya sa muwak yake yi miki aiki biyu a lokaci ɗaya: yana gyara nauyin, yana kuma gaya miki wace ƙa'idar ruwa za ki bi. Idan kin sa ruwan, ki ƙirga numfashi da bugun jijiya kowane minti biyar zuwa goma. Idan numfashi ya ƙaru da biyar a minti, bugun jijiya da goma sha biyar, ko hanta ta sauko ƙasan haƙarƙari, ko kika ji ƙarar ruwa a huhu, ki tsayar da ruwan nan take. Ƙarin jini ma haka yake: mai tamowa mai tsanani mililita 10 ga kowane kilo ne a hankali cikin sa'a uku, ba 20 ba.

Washegari da safe aka buɗe ɗakin sikeli, yaron ya farfaɗo har yana neman mahaifiyarsa da ido, muka auna shi: kilo 9.4. Lissafin shekaru ya wuce da kusan rabi, tsawo shi kaɗai ya wuce da kusan kashi ɗaya cikin biyar, tsawo da damtse kuwa sun gaza da giram 400. Da mahaifiyar ta kawo katin rigakafinsa daga gida, sai ya nuna shekararsa biyu da wata bakwai.

Katin nan ya kai ni ga abin da ya kamata ki tambaya tun kafin ki ɗauki tef. Idan an auna yaro kwanan nan, wannan nauyin ya fi kowane ƙiyasi. Yaran da ke cikin shirin tamowa ana auna su duk zuwan da suka yi karɓar abincin leda, kuma uwa takan zo da katin a ƙulle a bakin zane ko cikin jakar goyo. Ki tambaye ta, "Baiwar Allah, yaushe aka ɗora shi a sikeli, kuma nawa aka ce miki?" Idan cikin makonni kaɗan ne, ki karɓa, ki ɗan rage idan ciwon ya daɗe. Idan kuwa awon tun rigakafin ƙyanda ne na wata tara, yaron kuma yanzu yana gudu, to wannan lamba ta tsufa.

Akwai wuraren da hanyar da na ba ki take rauni, kuma gara ki san su. Yaro mai kumburin tamowa, wanda ƙafafunsa biyu suke lotsawa idan an danna, ido zai ce miki cikakke ne, alhali ruwa ne ya cika shi. Ki ɗauke shi mai tamowa mai tsanani ko da muwak ya nuna kore, ki rage nauyin, ki bi ƙa'idar ruwa ta masu tamowa. Jariri ɗan ƙasa da wata shida, launukan muwak ba nasa ba ne, sai ki dogara da tsawo da ido da nauyin haihuwa idan an rubuta, kuma jinjirin da bai cika mako biyu ba fenobabiton ake ba shi idan yana jijjiga, ba diyazifam ba. Yaron da ya wuce santimita 120 ya fita daga jadawalin, kuma a nan ne tef ɗin Broselow yake da ranarsa. Idan babu shi, akwai lissafin damtse da aka samar a Hong Kong don yara 'yan firamare:

nauyi = (kaurin damtse a santimita − 10) × 3

Almajiri mai damtse santimita 17 zai ba ki kilo 21, kuma ba ki buƙaci sanin shekarunsa ba. Amma kada ki kuskura ki sauko da wannan lissafi kan ƙananan yara, domin da na yi shi a kan yaron nan mai 11.2 da kilo 3.6 zai ba ni. Masu sikila kuma, waɗanda muke da su da yawa, galibi sun fi sa'o'insu sirantaka, don haka duk abin da tef ya ba ki ki duba damtsensu kafin ki yarda. Idan kuma aka kawo miki ɗan birni mai ƙiba, tef zai ba ki ƙasa da nauyinsa, amma a magungunan farfaɗo da zuciya irin su adiranalin ki tsaya a kan lambar tsawon, domin ba kitse suke bi ba.

Awon kansa yana da kurakuransa. Gwiwa a lanƙwashe tana cinye santimita da dama, hula ko ɗaurin kai ko tsayayyen kitso suna ƙarawa, tef ɗin tela da ya tsufa yana miƙewa, kuma yawancinsu fuska biyu gare su, inci a ɗaya santimita a ɗaya, wanda a hasken tocila mutum zai iya karanta 33 a inda ake neman 85. Kada ki yi kokawa da yaron da jikinsa ya sandare don ki miƙe shi. Ki fara da hanyar numfashi, ki juya shi gefe, ki jira lafawa, idan kuma ba ta zo ba ki bi jikin da tef gaɓa-gaɓa ki karɓi abin da kika samu. Muwak kuma kada a matse shi har fata ta tattare, kada kuma a bar shi sako-sako.

Abin da zan so ki yi gobe da rana, kafin dare ya sake kawo miki wani, shi ne ki manna tef ɗin tela a gefen gadon da kuke duba yara, sifiri daidai inda kai yake tsayawa, ki kafa ɗan katako a wurin don kai ya riƙa tokare shi. Ki ɗauko jadawalin tamowa, ki rubuta a kwali, ga kowane santimita biyar, lambobi uku: nauyin kore, na rawaya da na ja. A gaban kowane nauyi ki rubuta mililita nawa ne na diyazifam, na gulukos, na atesunet da na ruwa, bisa kwalaben da kuke da su a yanzu, ki sa wani abokin aiki ya sake lissafawa shi kaɗai, ku kwatanta, sannan ki liƙa a bango, kuma duk ranar da aka kawo muku magani mai wani ƙarfin dabam ki sake duba kwalin. Ki kuma ci gaba da rubuta wa na sama da ke a kan gyaran sikelin, kafin nan kuma ko sikelin tsayawa na manya aka samu aro ya wadatar da zarar yaro ya lafa: uwa ta hau riƙe da shi, ta miƙa shi ta sake hawa ita kaɗai, a cire na biyu daga na farko. Idan za ki tura yaro babban asibiti, ki rubuta a takardar turawa cewa nauyin ƙiyasi ne ba awo ba, ki sa tsawon da kaurin damtsen da kika samu, da kowane magani a miligiram tare da lokacin da kika ba shi, musamman sau nawa ya sha diyazifam, domin wanda zai karɓe shi kada ya ƙara masa na uku bai sani ba.